Saita Gain wajen ɗaukar murya: kada ta fashe, kada ƙara ta rufe ta

Tambaya: Malam, ina da ɗan situdiyo a Sabon Gari, nan Damagaram. In na ƙara Gain, wato abin juyawar da ke ɗaga ƙarfin makirufo, muryar mawaƙi ta fashe, in na rage kuma sai shuuu ta cika waƙar. Ina zan tsayar da shi?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da wurin da mawaƙin ya fi ɗaga murya. Masu bege da yawa kan shiga baiti a sanyaye, sai an zo amshi su saki murya gaba ɗaya. In ka saita da baitin farko, amshin ne zai fasa maka aiki. Ka ce masa ya yi amshin da dukan ƙarfinsa, kai kuma idonka yana kan mitar da ke nuna ƙarfin sauti. Ƙololuwar mitar ita ce 0 dBFS, kuma babu komai a samanta: duk abin da ya kai can, na'ura yanke kansa take yi. Juya Gain a hankali har ƙarshen tsallen mitar ya tsaya kusa da -12, sauran waƙar kuma tana yawo wajen -18.

Wannan tazarar tsakanin -12 da 0 ba asara ba ce. Mawaƙi ba ya gwaji da irin ƙarfin da zai yi waƙar gaske. Da zarar kiɗa ya shiga kunnensa, jikinsa ya ɗauka, sai ka ga ya haura zuwa -6. Da ka bar shi a -3 tun wajen gwaji, da ya buga rufi.

Tambaya: Amma a -18 zanen muryar ƙarami yake fitowa a kwamfuta. Ba a rasa inganci ba?

Amsa: In kana ɗauka a 24-bit, ba ka rasa komai ba. A lissafi faɗinsa, daga sauti mafi ƙanƙanta zuwa mafi ƙarfi, ya kai 144 dB, shi kuwa 16-bit yana tsayawa a 96. Murya ƙarama mai tsabta ana ɗaga ta wajen haɗawa. Wadda ta fashe kuwa sai dai a rage munin, ko a sake kiran mawaƙin.

Tambaya: To ita ƙarar fa, ta ina take shigowa?

Amsa: Nan ne mutane suka fi ɗora wa Gain laifin da ba nasa ba. Gain ba ya bambanta murya da fanka; tare yake ɗaga su, tare yake sauke su. Shuuu ɗin da kake ji bayan ka rage yana nan tun farko, ɗaga muryar da ka yi daga baya ne ya fito da shi fili.

Gwada ka gani. Bayan ka saita Gain, kada ka sake taɓa shi. Mawaƙi ya tsaya a wurinsa ya yi shiru, ka ɗauki daƙiƙa 10, ka duba inda mitar ta kwanta. In ta sauka -60 ko ƙasa, ɗakinka ya yi. A ce ka same ta a -45, muryar kuma tana -18: tazarar 27 dB ke nan kawai, kuma za a ji ƙarar a duk inda ya tsaya jan numfashi. Kashe fanka, ko da watan Afrilu ne, ka rufe taga saboda ƴan kabu-kabu, in ana aiki da injin wuta a kai shi nesa da bangon ɗakin. A ce mitar ta koma -56. Yanzu matso da mawaƙin daga santimita 30 zuwa 15, kamar faɗin tafin hannu da ɗan ƙari. Raba nisa biyu yana ƙara wa murya kusan 6 dB, ƙarar ɗaki kuma tana inda take. Sai ka rage Gain da 6: murya ta dawo -18, ƙara ta faɗa -62. Sa matatar iska a gaban makirufo, don matsowa na ƙara bugun iskar baki.

In kuma gurnani ne mai kauri wanda ba ya canjawa, wannan na wutar lantarki ne. Canja waya, ka raba ta da wayoyin wuta.

Tambaya: Na sauke sandar ƙarfin sauti a manhajar FL Studio, mitar ta daina ja, amma har yanzu muryar na karcewa.

Amsa: Domin fashewar ta faru tun a akwatin sauti da ake jona makirufo, kafin murya ta iso kwamfuta. Sandar ta rage ƙarfin abin da ya riga ya lalace ne kawai. Buɗe zanen muryar sosai: in kawunan igiyar sun baje kamar an datse su da almakashi, an fasa. Fitilar akwatin za ka sa wa ido. A akwatin Focusrite Scarlett zoben da ke kewaye da Gain yana yin kore, ya yi ruwan goro in an kusa, ya yi ja in an fasa. In Gain yana can ƙasa amma ja na ci gaba da kamawa, danna PAD, maɓallin da ke rage ƙarfin sautin da ke shigowa, in akwai shi a akwatin ko a jikin makirufo, ko mawaƙin ya riƙa ɗan ja da kansa baya duk lokacin da amshi ya zo.