Saƙon bibiya ga wanda ya sauke jagorar kyauta

Saƙon bibiya ga wanda ya sauke jagorar kyauta shi ne wasiƙar da ɗan kasuwa ko ma'aikacin kamfani yake aika wa mutumin da ya ba da adireshinsa na imel ko lambar wayarsa domin ya karɓi wani ɗan littafin bayani ba tare da ya biya ba, sannan kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ana bambanta shi da saƙon da ake aika wa baƙo wanda bai taɓa sanin mai aikawa ba, domin a nan akwai 'yar sanayya tsakanin mutanen biyu, kuma mai karɓar saƙon ne ya fara miƙo hannu. Sai dai sanayyar ba ta da kauri. Abin da mutumin ya nema littafi ne, bai nemi ciniki ba, bai kuma yi alkawarin tattaunawa da kowa ba, kuma yawancin kurakuran da ake yi a wannan saƙo daga mantawa da haka suke tasowa.

Dalilan shiru

Shirun wanda ya sauke jagora ba shi da fassara guda. Wani ya sauke ta a waya yana cikin mota, ya ce zai karanta daga baya, aka wayi gari ta nutse cikin sauran fayiloli. Wani ya karanta, ya samu abin da yake nema, ba ya bukatar ƙari. Wani ɗalibi ne ko mai sayar da irin wannan kaya, wanda tun farko ba saye ya kawo shi ba. Akwai kuma wanda saƙon farko bai ma kai idonsa ba, domin tun daga shekarar 2013 Gmail yake rarraba saƙonni gida-gida, kuma yawancin na kasuwanci suna faɗawa ɓangaren tallace-tallace mai suna Promotions, wasu kuma akwatin Spam, inda ake tara saƙonnin da ba a so. Wanda ya fi muhimmanci ga mai aikawa shi ne wanda ya fara karantawa da niyyar aiki da abin da ke ciki, ya zo wani wuri ya cije, bai san wanda zai tambaya ba ko kuma yana jin nauyin tambayar.

Mai aikawa ba shi da tabbatacciyar hanyar gane rukunin da mutum yake ciki. Manhajojin aika imel suna nuna ko an buɗe saƙo ta hanyar wani ɗan ƙaramin hoto da ido ba ya gani, wanda idan wayar mai karɓa ta sauke shi sai a ƙirga cewa an buɗe. Tun daga 2021 kamfanin Apple ya sa manhajarsa ta imel tana iya sauke waɗannan hotuna da kanta ko da mutum bai duba saƙon ba, saboda haka ƙidayar buɗewa ta daina zama abin dogaro. Shaidar da ta rage ita ce danna mahaɗi da kuma amsa. Wannan yana ɗaya daga cikin dalilan da suka sa ba a rubuta wa mutum cewa an ga ya buɗe saƙo bai amsa ba: mai yiwuwa bai buɗe ba, idan kuma ya buɗe, ba wanda yake jin daɗin a nuna masa ana leƙensa.

Yadda ake gina saƙon

Saƙon yana farawa da tunatarwa, domin mutumin da ya sauke littafi kwana uku da suka wuce yakan tuna sunan littafin amma ya manta sunan kamfanin. Saboda haka sunan jagorar ne ya kamata ya fito a taken saƙon da kuma jimlar farko bayan gaisuwa. Daga nan sai a kawo wani abu mai amfani wanda ba ya cikin jagorar, ko kuma a haskaka wurin da aka san masu karatu sun fi yin tuntuɓe. Sai tambaya guda ɗaya wadda za a iya amsawa da kalma biyu ko uku ana tsaye a bakin hanya. A ƙarshe a nuna wa mutum ƙofar fita idan ba ya son a sake rubuto masa.

Tambayar ita ce ke raba saƙon da ake amsawa da wanda ake sharewa. Tambaya irin ta ko mutum ya karanta littafin tana sa wanda bai karanta ba ya ji kunya ya ƙara yin shiru, haka kuma neman ya ware rabin awa domin a yi magana ta waya babban abu ne a wajen wanda bai gama yanke shawarar ko yana da matsala ba. Tambayar da ta fi samun amsa ita ce wadda ta shafi halin da mutumin yake ciki, wadda ya san amsarta ko da bai buɗe littafin ba.

Misali daga mai sayar da kayan sola

A ɗauka wani mai sayar da kayan wutar sola ya rubuta jagora mai shafi shida a kan yadda magidanci zai lissafa girman batirin da gidansa yake bukata. Jagorar ta koya wa mai karatu ya ninka ƙarfin kowane kaya da awannin da yake aiki. Ƙwan fitila huɗu masu wat 10 na awa shida sun ba da wat-awa 240, fanka mai wat 60 ta awa takwas ta ba da 480, talabijin mai wat 80 na awa biyar ya ba da 400, jimla 1,120. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗaukar wat-awa 2,400, amma idan na dalma ne ba a so a sha fiye da rabinsa, wato 1,200, don haka batir ɗaya ya ɗauki wannan gida da ƙyar.

Mai sayarwar ya san daga aikinsa cewa lissafin yakan rushe ne idan aka zo kan firiji, domin injinsa ba ya aiki a jere, yana tashi yana tsayawa, kuma a daidai lokacin tashi yana jan wuta ninkin abin da yake ja idan ya daidaita, har ƙaramar inbata ta kashe kanta ko da batir a cike yake. Wannan sani shi ne abin da zai ɗora saƙonsa a kai. Bayan kwana uku sai ya rubuta:

"Assalamu alaikum Malam, da fatan an wuni lafiya, ya iyali? Ni ne na aiko muku da jagorar lissafin batirin sola ranar Litinin. Akwai abu ɗaya da jagorar ba ta yi bayaninsa sosai ba, shi ne firiji: yana jan wuta mai yawa a lokacin da injinsa yake tashi, kuma nan ne lissafin gidaje da dama yake karkacewa. Shin akwai firiji cikin kayan da kuke so sola ta ɗauka? Idan kun ce e ko a'a, zan turo muku lissafin da ya dace da gidanku, ba sai kun sayi komai ba. Idan kuma ba ku bukatar ƙarin saƙo, ku sanar da ni, ba zan sake damun ku ba. Na gode."

Babu farashi a cikin saƙon, babu rangwamen da zai ƙare gobe, kuma babu ƙorafin cewa an rubuto ba a samu amsa ba. Gaisuwar ta tsaya a jimla ɗaya, wanda a rubuce ya isa, ko da yake a baki za a ga an taƙaita. An kira mutumin da Malam da kuma "ku" na girmamawa, domin ba a san shekarunsa ba. Da mace ce sai a ce Malama ko Hajiya. Idan fom ɗin bai nuna namiji ne ko mace ba, gara a tsaya a sallama a ci gaba da "ku" da a yi kuskuren kira. Amsar kuma tana da amfani ta kowace fuska, domin wanda ya ce akwai firiji ya bayyana cewa da gaske yake shirin haɗa sola, wanda ya ce babu kuma an san ƙaramin tsari ne zai ishe shi.

Lokaci da iyaka

A al'adar masu wannan sana'a ana barin 'yan kwanaki, kamar biyu zuwa huɗu, kafin saƙon farko, domin aikawa a ranar da aka sauke littafin bai ba mutum damar karantawa ba, jinkirin mako uku kuma ya ba shi damar mantawa. Idan ba a amsa ba, akan sake aika wani bayan kamar mako guda, da sharaɗin ya zo da sabon bayani, misali abin da dutsen guga mai wat 1,000 yake yi wa batir cikin rabin awa. Na uku shi ne na sallama, wanda yake cewa za a dakata daga nan, ƙofa kuma a buɗe take. Abin da ya wuce haka naci ne, kuma naci yana da tsada ta wata hanya da ba a cika lura da ita ba. A watan Fabrairun 2024 Google ya tsaurara ƙa'idojinsa ga masu aika imel, inda ya nemi ƙorafin masu karɓa, wato jefa saƙo a Spam, ya kasance ƙasa da 0.3 cikin ɗari, wato bai kai mutum uku cikin dubu ba, ya kuma wajabta wa masu aika saƙo fiye da 5,000 a rana zuwa Gmail su sa hanyar ficewa da dannawa ɗaya. Mai ƙaramin kasuwanci bai kai wannan adadi ba, amma idan mutane suka yawaita jefa saƙonsa a Spam, har saƙonninsa zuwa ga masu saye na gaskiya sukan fara ɓacewa.

Wata dabara da ake gani ita ce sa "Re:" a taken saƙo domin a ɗauka ci gaban wata hira ce da aka taɓa yi. Takan sa a buɗe, amma mai karatu yana ganewa nan take, kuma dokar CAN-SPAM ta Amurka ta 2003 ta hana sa wa saƙo take mai yaudara, ta kuma ba mai aikawa kwanakin aiki goma ya cire wanda ya nemi a cire shi.

Izini

Ba da adireshi domin karɓar littafi ba lallai ne ya zama izinin karɓar talla ba. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki a ranar 25 ga Mayun 2018, ta sharɗanta cewa izini ya zama na son rai, a kan abu takamaimai, bayan an sanar da mutum abin da za a yi da bayanansa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ita ma ta ba mutum 'yancin janye izininsa da ƙin a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya. Saboda haka gyaran saƙon bibiya yana farawa ne tun daga fom ɗin saukewa, inda ya kamata a rubuta ƙarara cewa za a tuntuɓi mutum bayan ya karɓi jagorar.

Inda aka fi hulɗa ta WhatsApp, kamar yadda yake ga 'yan kasuwa da dama a Najeriya da Nijar, lamarin ya fi bukatar taka-tsantsan, domin saƙon yana shiga tsakanin na iyali da na abokai. Kamfanonin da suke amfani da babban tsarin WhatsApp na kasuwanci suna da awa 24 daga saƙon mutum na ƙarshe da za su iya rubuta masa yadda suka ga dama, bayan nan sai da ƙayyadadden saƙon da WhatsApp ya riga ya amince da shi, kuma saƙon bibiya na kwana uku ya riga ya fita daga wannan wa'adi. Mai aikawa da hannunsa daga wayarsa ba ya ƙarƙashin wannan ƙa'ida, amma idan mutane da yawa suka toshe shi ko suka kai ƙararsa, ana iya rufe lambar, tare da duk hirarrakin cinikin da ke kanta.