Daga Latin zuwa “le” da “la”: yadda sunayen Faransanci suka sami jinsinsu

Ɗalibin da ya tashi da Hausa a bakinsa ba ya mamaki idan aka ce masa kujera mace ce, littafi namiji. Haka muke magana tun muna yara: kujerar ta karye, littafin ya yage. Matsalarsa a ajin Faransanci, a Zinder yake ko a Kano, ita ce jinsin da ya saba da shi a gida ba ya bin sa can. Rana mace ce a wurinmu, *le soleil* namiji ne. Wata namiji ne, *la lune* mace. Gida da ruwa maza ne, *la maison* da *l'eau* mata. Sai malami ya ba shi wata gajeriyar doka don ya rage masa wahala: duk sunan da ya ƙare da *e* mace ne. Dokar tana da asali na gaskiya, amma rabin labarin ce kawai, kuma ita ce ke sa ɗalibi ya rubuta *la village* da *la problème* hankalinsa kwance. Sauran rabin yana cikin tarihin harshen.

Faransanci jikan Latin ne, harshen Romawa, wanda ya kafu a ƙasar da ake kira Faransa yau bayan yaƙe-yaƙen Julius Kaisar na shekarun 58 zuwa 51 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Latin yana da jinsi uku: namiji, mace, da wani na uku da ba ya cikin ko ɗaya. Bango, *murus*, namiji ne. Ƙofa, *porta*, mace. Ƙarfe, *ferrum*, na ukun ne. Ƙarshen kalma shi ke nuna jinsinta a mafi yawan lokuta. To amma Latin ɗin da ya zama Faransanci ba na marubuta ba ne, na sojoji ne da 'yan kasuwa da manoma, su kuwa suna haɗiye ƙarshen kalma. A Latin suna yana sauya siffa gwargwadon aikinsa a jimla, kuma siffar da ta fi yawo a baki ita ce ta karɓau, wato wanda aiki ya faɗa a kansa, inda bango ke zama *murum*, daidai da *ferrum*. Da harafin *m* ya daina fita, daga baya wasalin ma ya faɗi, sai aka wayi gari da *mur* da *fer*, babu abin da ke raba su. Jinsi na uku ya narke cikin namiji. Shi ya sa *le fer*, *le ciel*, *le temps* da *le corps* duk maza ne a yau.

Wasu kalmomin jinsi na ukun sun bi wata hanya dabam, kuma wannan ne wurin da ya fi ba ni sha'awa a labarin. Jam'insu a Latin yana ƙarewa da *a*, daidai da tilon mace. Ganye guda *folium* ne, ganyaye *folia*. Da yake mutane sun fi ambaton ganye da yawa fiye da ƙwaya ɗaya, sai kunne ya ɗauki *folia* a matsayin mace tilo, irin *porta*, ta zama *la feuille*. Haka *gaudia* ta zama *la joie*, *labra* ta zama *la lèvre*. Akwai inda tilon da jam'in duk suka rayu, kowanne da jinsinsa: *granum* ya ba da *le grain*, ƙwayar hatsi, jam'insa *grana* ya ba da *la graine*, irin shuka.

Daga nan ne dokar malam ta samo ƙarfinta. Lokacin da wasulan ƙarshe ke zubewa, *a* bai ɓace ba, ya dai raunana ya koma *e* ɗin nan da yau ba a furta shi sosai. *Porta* ta zama *porte*, *luna* ta zama *lune*, *terra* ta zama *terre*. Duk inda *e* ya fito daga wannan *a*, kalmar mace ce. Sai dai *e* yana da wata mafita ta biyu. Idan faɗuwar wasali za ta bar baƙaƙe a cunkushe yadda baki ba zai iya furta su ba, akan bar wani ɗan wasali ya tallafe su, shi ma da *e* ake rubuta shi. *Patrem* ya zama *père*, *fratrem* ya zama *frère*, ba wanda zai ce uba da ɗan'uwa mata ne. Dubi *livre*: daga *librum* aka sami *le livre*, littafi, daga *libra* aka sami *la livre*, ma'aunin nauyi. Rubutu ɗaya, furuci ɗaya, iyaye dabam. Saboda haka harafin ƙarshe shi kaɗai shaida ce mai rauni. Abin dubawa shi ne ɗafa-ƙeya gaba ɗayanta, wato guntun da aka liƙa wa saiwar kalma, domin kowace ɗafa-ƙeya da jinsinta ta zo daga Latin, kuma ta riƙe shi.

A ɗauki *-age* a bi shi sannu a hankali. Asalinsa *-aticum* ne, na jinsi na uku, don haka ya faɗa cikin maza. *Viaticum*, guzurin tafiya, shi ya zama *le voyage*. *Formaticum*, abin da aka zuba a mazubi ya ɗauki siffa, ya zama *le fromage*, cuku. Daga baya Faransawa suka riƙa liƙa shi ga kalmominsu: *laver* ya haifi *le lavage*, *marier* ya haifi *le mariage*, *garer* ya haifi *le garage*. Duk da *e* ɗin da ke ƙarshensu, maza ne. Sai ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, to *la page* fa? Amsar ita ce *-age* ɗin *page* ba ɗafa-ƙeya ba ce, jikin kalmar ne. Daga *pagina* ta fito, kamar yadda *cage* ta fito daga *cavea*, *image* daga *imaginem*, dukkansu mata tun a Latin. Ana iya gane haka ko ba a san Latin ba: cire *-age* daga *lavage* ka ga *lav-* na wanki ya rage, cire shi daga *cage* ka ga ba abin da ya rage sai *c*. Matan da mai koyo zai riƙa cin karo da su shida ne: *page*, *cage*, *image*, *plage*, *rage* da *nage*. Wanda ya haddace su ya gama da wannan babi, sauran ya sa musu *le*.

Irin wannan duban ne ke aiki a sauran manyan ƙarshe. *-tion* da *-sion* mata ne tun daga *-tionem* da *-sionem*: *la nation*, *la question*, *la décision*. 'Yan'uwansu da baki ya tauna tun da daɗewa su ma haka: *la raison*, *la saison*, *la maison*. Amma *avion* da *camion* ba sa cikin dangin, ba *t* ko *s* kafin *-ion*, maza ne. *-té* na sunayen halaye mace ce, daga *-tatem*, kuma sau da yawa za ka hango sifar a ciki: *beau* cikin *la beauté*, *libre* cikin *la liberté*. Inda ba hali ake nufi ba sai a yi hattara, domin *le côté*, *le comité* da *le traité* maza ne. A ɓangaren maza kuwa babu amintacce kamar *-ment*, daga *-mentum*: *le gouvernement*, *le médicament*, *le moment*. Mace guda da aka sani a cikinsu ita ce *la jument*, goɗiya, wadda halittarta ta rinjayi ƙarshen sunanta. Su *problème*, *système*, *thème* da *programme* daga Girkanci suka shigo, inda suke cikin jinsi na uku, don haka maza ne, haka ma duk mai ƙarewa da *-isme*.

Mai wahalar shi ne *-eur*, kuma yana nuna cewa Latin ba ya warware komai. *Color*, *dolor* da *calor* maza ne a Latin, har yau maza ne a Italiyanci da Sifaniyanci. A ƙasar Faransa suka juye suka zama *la couleur*, *la douleur*, *la chaleur*, tare da *la peur*. Don haka a nan ma'ana ake tambaya. In hali ne ko yanayi ko abin da ake ji a jiki, mace ne. In mai yin aiki ne, mutum ko na'ura, namiji ne: *le chauffeur*, *le moteur*, *le ventilateur*. *Honneur* namiji ne duk da hali ne, shi kuma *bonheur* da *malheur* ba wannan ɗafa-ƙeyar ba ce sam, *bon* da *mal* ne aka haɗa da tsohuwar kalmar *heur*, wato rabo.

Ba hasashe ba ne cewa ƙarshen kalma na shiryarwa. Roy Lyster na jami'ar McGill a Kanada ya bi sunaye kusan 10,000 a wani ƙamus na yara, ya wallafa a 2006 cewa kimanin kashi 80 cikin ɗari ana iya gane jinsinsu daga ƙarshensu. Ragowar kuwa da yawansu gajerun kalmomi ne na yau da kullum da ba su da ɗafa-ƙeya: *la main*, *la dent*, *la nuit*, *le pied*, *le pain*. Waɗannan haddace su ake yi, kuma a ganina kuskure ne a bar yaro ya rubuta su tsirara a littafinsa ba tare da *un* ko *une* ba. Na ce *un* ko *une* ne da gangan, domin *le* da *la* suna ɓuya gaban wasali. Wanda ya koyi *l'école* da *l'hôpital* bai ji jinsin ko ɗaya ba. Hausar Nijar ma da ta ari ta farkon, haɗe da *l* ɗin ta ɗauke ta, ta ce lakwal. Amma *une grande école* da *un grand hôpital* suna sa kunne ya ji bambancin sau biyu, a *une* da kuma a *d* ɗin *grande* da ake furtawa.

Rabon jinsi bai tsaya a zamanin Romawa ba. Baƙin kalmomi, musamman na Ingilishi, galibi maza suke zama: *le football*, *le parking*. Wani lokaci kuma a yi ja-in-ja. A 2020 mutanen Faransa suka riƙa cewa *le covid*, suna kwatanta shi da *le virus*. A watan Mayu na shekarar, majalisar kula da harshen, Académie française, wadda aka kafa tun 1635, ta ce *la covid* ya fi dacewa, tunda cuta ake nufi, *la maladie* kuwa mace ce. A Kebek ta Kanada an riga an karɓi *la* tun kafin nan. A Faransa jama'a da dama sun ci gaba da *le* ɗinsu, har manyan ƙamusoshi suka shigar da kalmar da jinsi biyu.