Lambar tes ko danna amincewa: wanne ya fi tsare asusu?

Wajen shiga Gmail bayan na sa kalmar sirri, wanne ya fi, lambar da ake turowa ta tes ko tambayar da ke faɗowa a waya in danna?

Ta dannawa. Lambar tes layi take bi, duk mai riƙe da layin shi zai karanta ta. Tambayar amincewa kuwa wayar da ka riga ka shiga asusun da ita take zuwa.

Sim ɗina na cikin wayata, ta ina za a sace layin?

Ba sai an taɓa wayarka ba, Alhaji. Walkam-bak za a yi da sunanka, da bayananka na sata ko da haɗin bakin wani gurɓataccen ma'aikaci. Sabon sim na tashi, naka ya mutu. Haɗa layi da NIN ya ƙara musu wahala, bai toshe ƙofar ba.

Ya zan gane?

Sabis ɗinka ya ɗauke, na maƙwabcinka a Agege mai layi irin naka yana nan lafiya, ka kashe ka kunna bai dawo ba. Kar ka ce sai gobe. Ari waya ka kira bankinka su rufe asusun, sannan ka nufi ofishin layin.

To in cire lambata daga Gmail gaba ɗaya?

Nan fa sai a hankali. In ka kunna amincewa amma ka bar tes a matsayin madadin, ɓarawo zai zaɓi "Try another way" a turo masa lambar, ka ga aikin banza ka yi. Amma in ka cire ba shiri, aka fizge wayar a cunkoson Oshodi, ko ka yi musayarta a kasuwar waya ta Computer Village ka goge komai, kai ma ka rufe kanka a waje. Ga shi tambayar ba ta zuwa sai da data.

Ni dai shawarata, ka fara sauke lambobin ajiya goma da Google ke bayarwa, kowace sau ɗaya take aiki. Rubuta su a takarda ka ajiye a gida, ba a hotunan waya ba. Ka saka Google Authenticator, manhajar da ke ba da lambar shiga, lambarta na sauyawa duk daƙiƙa 30, ba ruwanta da data. Gwada shiga daga wata waya. Sai ya yi aiki tukun ka cire tes. Wanda kullum wayarsa ke hannun yaran shago kuwa, ban ce ya yi gaggawa ba, don amincewar ma duk mai riƙe da wayar a buɗe zai iya dannawa. Kuma wannan duk bai shafi banki ba, yawancinsu har yanzu tes suke turowa.

Tambayar ta faɗo alhali ban shiga ko'ina ba.

Don Allah kar ka danna amincewa don ta daina damunka! Haka aka kutsa cikin Uber a 2022, aka yi ta turo wa wani ma'aikaci har ya amince. Hankalinka ya kwanta, ba su shiga ba tukuna, amma da alama kalmar sirrinka na hannunsu. Ƙi amincewa, ka canja ta yanzu.