Ku daina auna tallan bidiyo da yawan masu kallo

'Yan uwa masu sana'a, akwai wani abu da ya ishe ni gani a wajen aikinmu na taimaka wa ƙananan 'yan kasuwa, kuma yau sai na faɗa. Mai turaren wuta, mai ɗinki, mai kilishi, mai sayar da takalma, kowa ya zo da waya a hannu fuska a sake, yana nuna min cewa mutum dubu goma sun kalli tallansa. In na tambayi nawa aka yi ciniki sai murya ta sauka. Wani ya ce mutum biyu ne suka tambayi farashi suka ɓace, wata ta ce ai kasuwa ce ba ta ci. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne, kafin in rufe baki sun sake danna "Boost post" sun ƙara zuba kuɗi a kan bidiyon nan dai, wai don sun ga lamba tana hawa.

Don Allah ku bari. Wannan lambar da kuke murna da ita ba ta gaya muku komai game da ciniki ba.

A Facebook da Instagram akwai ma'aunin da ake kira "3-second video plays", yana ƙirga duk lokacin da bidiyonka ya yi sakan 3 yana tafiya a fuskar wayar wani. Sakan 3 fa. Bidiyo kuwa shi yake kunna kansa yayin da mutum yake jan shafi da babban yatsa, sau da yawa ma ba sauti. A TikTok akwai ƙirgen sakan 2 da na sakan 6. A YouTube, tallan nan da ake iya tsallakewa bayan sakan 5, ba a ƙirga kallo sai mutum ya kai sakan 30, ko ya kai ƙarshe in tallan bai kai tsawon haka ba, ko ya danna wani abu a jikinsa. Kun ga ke nan kallo dubu a nan da kallo dubu a can ba ɗaya ba ne, kuma wanda yake haɗa su yana kwatantawa yana ruɗin kansa ne. Mai rumfa a Kantin Kwari ba ya ƙirga duk wanda ya gifta ya waiga a matsayin mai saye. Yana lura ne da wanda ya tsaya, da wanda ya taɓa atamfa, da inda ciniki ya watse. Wannan lurar ce kuka bari, alhali an ajiye muku ita a waya kyauta.

Bari in kawo misali da lambobi masu sauƙin lissafi, irin yanayin da nake yawan tararwa. Mu ce Hajiya mai turaren wuta da humra ta yi bidiyo na sakan 40, ta kashe masa naira 20,000. Aka nuna tallan sau 50,000, wannan shi ne "Impressions", wato sau nawa ya bayyana, ba mutum nawa ba, don mutum ɗaya yana iya ganinsa sau uku. A ciki, sau 10,000 ne ya kai sakan 3. Raba 10,000 da 50,000, ka samu kashi 20 cikin ɗari. Wannan shi ne ƙimar kallo: a duk bayyana biyar, ɗaya ce ta tsayar da yatsa. Hajiya a nan take tsayawa, ta ce kowane kallo naira 2 ya tsaya mata, ai ta ci riba.

Hajiya, ki ƙara haƙuri ki gangara ƙasa kaɗan. A "Video plays at 25%", wato sakan 10 na bidiyonki, saura 2,000. A "ThruPlays", wanda yake ƙirga waɗanda suka kai sakan 15, saura 1,500. A rabi, sakan 20, saura 1,200. A kashi 75, sakan 30, saura 1,000. Waɗanda suka ga ƙarshe 800 ne. To yaushe kika faɗi farashi, yaushe kika nuna lambar da za a same ki? A sakan 35. Ke nan cikin 10,000 ɗin da kika yi ta yi wa 'yan uwa albishir da su, ba su kai 1,000 ba waɗanda suka san nawa kwalba take da inda za a saya. In kika raba naira 20,000 da 800, kowane wanda ya ga tallan har ƙarshe naira 25 ya ci miki, ba naira 2 ba.

Yanzu ki dubi inda ɓarnar ta faru. Tsakanin sakan 3 da sakan 10 ne mutum 8 cikin 10 suka tafi. Daga sakan 10 zuwa ƙarshe kuwa raguwar a hankali take, 2,000 zuwa 800 cikin sakan 30. Wannan labari ne mai daɗi in kin iya karanta shi, don yana nufin waɗanda suka jure suka ga kayan sun zauna. Kayanki ba su da laifi. Laifin yana cikin sakan 10 na farko. Mu kunna mu gani: tambarin kasuwanci yana juyawa yana walƙiya har sakan 4, kiɗa yana tashi, sai ga ki kin fito da sallama, barkanmu da warhaka, da fatan kuna lafiya, ya iyali, sunana wance daga wuri kaza. Sai a sakan 11 aka ga kasko da hayaƙin turare. Wanda yake kallo da ɗan datan da ya saya na kwana ɗaya ba zai jira duk wannan ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Na san gaisuwa tarbiyyarmu ce, ba kuma cewa na yi a yar da ita ba. Ki yi sallamarki a taƙaice yayin da ido yake kan kayan. Hayaƙi yana tashi daga kasko tun sakan na farko, kwalba a hannu, farashi a rubuce a jikin hoton don wanda bai kunna sauti ba. Yaron da yake haɗa muku bidiyo yana son tambari mai juyawa don a ga gwanintarsa, amma kuɗin da ake ƙonawa naku ne. Ku ce masa ya mayar da shi ƙarshe, ko ya maƙala shi ƙarami a kusurwa.

Ba kowace faɗuwa ce iri ɗaya ba, shi ya sa nake cewa ku duba da idonku. In mutane ba su ma kai sakan 3 ba, hoton farko ne bai kama ido ba, ko kuma an kai tallan ga waɗanda ba ruwansu da kayan, kamar a nuna wa samari 'yan ƙwallo kayan gyaran amarya. In suna tafiya lafiya sai kwatsam suka zube a tsakiya, je ka wannan sakan ɗin daidai ka kalla. Yawanci za ka tarar ka fara maimaita abin da ka riga ka faɗa, ko iska ta shiga sauti, ko ka ɗauke kyamara daga kayan ka koma dogon bayani. In zubewar ta zo daidai inda aka ambaci farashi, wannan ba matsalar bidiyo ba ce kaɗai, ko dai kuɗin ya yi wa waɗanda ka zaɓa nauyi, ko ba ka nuna abin da ya sa kayan suka kai haka ba. Raguwa a sakan biyun ƙarshe, lokacin da ake godiya da bankwana, ba abin damuwa ba ce. A YouTube Studio akwai zanen "Audience retention" da yake nuna wannan sakan bayan sakan ga bidiyon da ka ɗora a tasharka, har za ka ga inda layin ya ɗan tashi saboda mutane sun koma baya sun sake kallo. Wurin nan da suka maimaita shi ya kamata ya zama farkon bidiyonka na gaba.

Sai lokacin kallo, wanda Facebook yake kira "Video average play time". Ku yi hattara da shi, don matsakaici ne. In mutum tara sun tafi a sakan 2, ɗaya ya kalli sakan 40 duka, lissafi zai ba ka kusan sakan 6, alhali babu ko mutum ɗaya da ya kalli sakan 6. Amfaninsa shi ne ka ajiye shi kusa da sakan ɗin da saƙonka yake fitowa. Matsakaici sakan 6, farashi a sakan 35, ka san akwai gyara. Kuma kada ka kwatanta kashi 50 na bidiyo mai sakan 10 da kashi 50 na mai minti ɗaya. Na farkon sakan 5 ne, na biyun sakan 30, dole gajeren ya fi kyan lamba ko da bai fi sayar da kaya ba.

Abin da nake so ku yi, kafin ku sake cire ko kwabo:

- Ku buɗe Ads Manager, wato shafin da ake kula da tallan Facebook da Instagram, ku shiga "Columns", ku zaɓi "Video engagement". In wani ma'aunin bai fito ba, ku ƙaro shi ta "Customize columns".
- Ku rubuta lambobin a takarda a jere, daga bayyana har zuwa kashi 100, kowane kashi ku mayar da shi sakan.
- Ku nemo inda tazara ta fi girma, ku kalli wurin a bidiyo.
- Ku gyara abu ɗaya kawai, ku bar mutanen da ake nuna wa da kuɗin yadda suke, don ku san abin da ya kawo canji.
- Ku ba shi 'yan kwanaki. Lambobin awa uku ba sa isa a yanke hukunci.

Na ga masu canza kiɗa, da hoto, da gari, da shekarun masu kallo duk a rana ɗaya, sannan su zo su tambaye ni wanne ne ya yi aiki. Ta ina zan sani, 'yan uwa?

Wani abu kuma, kada wanda ya gyara bidiyo ya ga mutane suna kallo har ƙarshe ya ɗauka shi ke nan. Bidiyon barkwanci yana iya riƙe mutum sakan 40 yana dariya, ya wuce bai san me ake sayarwa ba. Saboda haka a gefen takardar nan ku ja layi ɗaya na saƙonnin da suka shigo WhatsApp da cinikin da aka yi, ku riƙa tambayar mai saye inda ya gan ku. Da a ce bayan gyara bidiyon Hajiya ya dawo sakan 20, farashi ya fito a sakan 6, masu kallon sakan 3 suka ragu zuwa 8,000 amma 3,000 suka ga farashin, saƙo kuma ya ƙaru, to wannan ya fi na farko nesa ba kusa ba, ko da lambar da ake nuna wa ƙawaye ta yi ƙasa.

Masu karɓar kuɗinku su yi muku talla kuma, in sun turo muku hoton yawan kallo kawai, ku mayar musu. Ku ce a kawo na kashi 25, da 50, da 75, da 100, da adadin saƙonnin da suka shigo. Kuɗinku ne, kuna da haƙƙin gani, kuma duk mai yin aikin da gaskiya zai fito muku da su cikin minti biyu.