Ma'anar TON da TOF: taima mai jinkirta kunnawa da mai jinkirta kashewa

Duk wanda ke aikin gyaran sanyi a manyan gine-ginen Jidda ko otal-otal ɗin Makka, in ya buɗe firogiram ɗin PLC, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injina, zai ci karo da akwatuna biyu, TON da TOF. Dukansu taima ne, kuma ƙa'idar IEC 61131-3 ta ba su ƙafafu iri ɗaya: IN inda umarni ke shiga, PT lokacin da ka saita, Q inda amsa ke fita, sai ET mai nuna lokacin da aka ƙirga. Bambancinsu shi ne inda jinkirin yake faɗawa.

TON yana jira ne kafin ya kunna. IN ya zama 1, ET ya fara hawa, Q yana nan a 0 har sai ET ya kai PT. Amma da zarar IN ya faɗi, Q ya mutu nan take, ET kuma ya koma sifiri. Shi TOF ba ya jira wajen kunnawa, IN na zuwa Q na tashi. Ƙirgarsa tana farawa ne lokacin da IN ya faɗi, sai ya riƙe Q a kunne har PT ya cika. Idan IN ya dawo kafin nan, ƙirgar ta rushe, Q bai ma san an yi ba.

A ɗauki cila, babban injin da ke sanyaya ruwan da ake zagayawa da shi cikin bene. Ba a tayar da kwamfuresa sai famfo ya fara tura ruwa, domin ruwan da ke tsaye cikin injin yana iya daskarewa ya fasa bututu. Saboda wannan dalilin kuma, in an kashe kwamfuresa ana barin famfo ya ci gaba na ɗan lokaci. Akwai riba ta biyu: moton da aka haɗa kai tsaye da layi yana jan wuta kamar ninki 6 zuwa 8 na abin da ya saba ja a lokacin tashi, don haka raba tashin motoci biyun yana sauƙaƙa wa janareto.

```
T_Famfo(IN := Kunna, PT := T#60s);             (* TOF *)
Famfo := T_Famfo.Q;
T_Kwam(IN := Kunna AND Ruwa_OK, PT := T#30s);  (* TON *)
Kwamfuresa := T_Kwam.Q;
```

An danna kunnawa, famfo ya tashi nan take. Bayan, a ce, sakan 4, suwic ɗin da ke jin gudun ruwa ya rufe, Ruwa_OK ya zama 1. Daga nan TON ya fara ƙirga, kwamfuresa ya tashi a sakan na 34. An danna kashewa, kwamfuresa ya tsaya a take, famfo ya ƙara sakan 60. Waɗannan lambobi na misali ne, na gaskiya suna cikin littafin kamfanin da ya ƙera injin.

A duba abin da aka ba TON a IN. Da yawa sukan haɗa shi da umarnin famfo kawai, ni kuwa ban yarda da wannan ba. Umarni ba ya tabbatar da ruwa na gudu. Kontakta, wato suwic ɗin da ke ba moto wuta, na iya ƙin kamawa, ko wani ya bar bawul a rufe, taima kuma ya ƙirga 30 ɗinsa ya tayar da kwamfuresa ba ruwa.

Sai dai suwic ɗin ruwan ma yana da halinsa. In iska ta shiga bututu, yakan riƙa buɗewa yana rufewa, TON kuma ba ya ajiye abin da ya ƙirga, ko da IN ya faɗi na zagaye ɗaya tak na firogiram. Alamar ita ce famfo na aiki amma kwamfuresa ya ƙi tashi. Ka haɗa kwamfuta ka kalli ET: za ka ga ya hau 9 ko 12 ya koma sifiri, ya sake hawa. Taimar lafiyarta ƙalau, sai a fitar da iskar a duba suwic. Ana iya sa ƙaramin TOF na sakan 2 a kan Ruwa_OK ya haɗiye ɗan ƙiftawar, amma in aka tsawaita shi, kwamfuresa zai yi ta aiki bayan ruwa ya tsaya da gaske.

TOF kuma yana da haɗari wajen tsayarwar gaggawa. Idan jan maɓallin nan yana kashe Kunna kawai, famfo zai ci gaba da juyawa har minti ɗaya alhali mai gyara yana zaton komai ya tsaya. Dole wannan maɓalli ya yanke wutar kontakta ta waya, ba tare da ya bi ta kowace taima ba.