Mene ne Sikirif? Yadda Ake Rubuta Fim Ba Tare da "A Ransa Ya Ce" Ba

Sikirif shi ne rubutaccen fim kafin a ɗauke shi: takardar da darakta da jarumai da mai ɗaukar hoto da mai sauti za su riƙe, kowa ya tsinci aikinsa a ciki. Labarin da za ka zauna da furodusa a wani ofis a Zoo Road ka ba shi da baki, ko ka rubuta masa a shafi uku, bai zama sikirif ba tukuna. Sai an yanka shi sin-sin, wato fitowa-fitowa, an faɗi inda kowane zai faru, da abin da ido zai gani, da abin da kunne zai ji. Waɗannan biyun, gani da ji, su kaɗai kyamara da makirufo ke iya ɗauka, kuma duk ƙa'idojin tsarin daga nan suka fito.

A nan Kano mafi yawan masu shigowa rubutun fim daga rubutun littafi suke zuwa, ko na bugawa ko na waya. Hannunsu ya faɗa da "a zuciyarta ta ce" da "nan take ya tuna". A littafi wannan ado ne. A sikirif kuwa rami ne, domin ranar ɗauka darakta zai tsaya yana tambayar me zai sa a gaban kyamara.

Siffar shafin ba ta da wahala. Ana bugawa da harafin Courier mai girman 12, wanda kowane harafinsa faɗinsu ɗaya, goma a inci guda. Ana barin inci ɗaya da rabi a gefen hagu saboda ɗinki, inci ɗaya a sauran gefunan. Da wannan ma'aunin shafi ɗaya yakan kai kusan minti ɗaya a allo, shi ya sa fim ɗin awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu yake cin shafi 90 zuwa 120. Manhajoji irin su Final Draft da Celtx suna daidaita wannan da kansu. Amfanin lissafin shi ne ya tona maka asiri tun a takarda: idan gaisuwar "ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya mai jiki" ta cika shafi, ka san minti guda ka ƙona ba a faɗi komai ba.

Kowane sin yana farawa da kan sin, wato layi guda na manyan baƙaƙe, mai amsa tambaya uku: ciki ko waje, a ina, yaushe.

```
INT. GIDAN UMMA - ZAURE - RANA
EXT. GIDAN UMMA - TSAKAR GIDA - DARE
```

INT. na nufin cikin rufi, EXT. na nufin waje. Wannan ba don mai karatu aka yi shi ba, don mai fitila da mai sauti ne. A nan ne gidanmu na Hausa yake rikita sabon marubuci. Tsakar gida "cikin gida" ce a bakinmu, amma sama a buɗe take, rana ke haska ta, kukan zakara da ƙarar injin markaɗen maƙwabta duk suna shiga, don haka EXT. ce. Zaure da ɗaki da falo INT. ne. Idan sin ɗin a cikin adaidaita sahu yake tana tafiya, ana ganin fasinja ana ganin titi, sai a haɗa a rubuta INT./EXT.

Sunan wuri kuma kada ya riƙa sauyawa. In ka ce GIDAN UMMA a shafi na 2, kada ya koma GIDAN SU SANI a shafi na 40. Ba a ɗaukar fim bi da bi kamar yadda aka rubuta shi. Ana tattara duk sin ɗin lokeshan ɗaya a gama da su kafin a nannaɗe kaya. Mai tsara jadawalin aiki da sunayen nan yake ƙirgawa, kuma suna biyu a wurinsa gida biyu ne.

Lokaci ma akwai tarko. Muna da asuba da hantsi da azahar da la'asar da magariba, kuma akwai daɗin rubutawa. Amma RANA ko DARE ya wadatar a yawancin sin. Hasken da ke tsakanin faɗuwar rana da duhu a Kano bai fi minti ashirin zuwa talatin ba. Wanda ya rubuta MAGARIBA a kan hirar shafi huɗu ya ɗora wa ma'aikata abin da ba zai ɗauku a yini ɗaya ba. Ka ajiye ta sai inda labarin ba zai tsaya ba sai da ita, kamar sin ɗin shan ruwa da azumi.

Ƙarƙashin wannan layin sai bayanin aiki. Ana rubuta shi kamar yanzu abin ke faruwa a gabanka, a gajerun sakin layi, layi uku ko huɗu a sauka. Karon farko da mutum ya bayyana ana sa sunansa da manyan baƙaƙe tare da shekarunsa. Sannan maganar baki, a tsakiyar shafi, sunan mai magana a sama.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Ga yadda marubuciyar littafi za ta kawo shi: "Yau sati uku ke nan da aka sallami Sani daga kamfanin da yake aiki a Sharaɗa, amma ya kasa gaya wa mahaifiyarsa. Kullum sai ya shirya ya fita kamar mai zuwa aiki, kunya da tsoro na cin zuciyarsa. Ita kuwa Umma ta daɗe da ganewa, sai dai ba ta so ta karya masa gwiwa."

Sakin layi ne mai kyau, amma duba abin da kyamara za ta samu a ciki: saurayi ya shirya ya fita. Shi ke nan. Sati ukun, da korar, da kunyar, da sanin da Umma ta yi, duk a cikin kai suke. Mafita mafi sauƙi, wadda muka gaji da gani, ita ce a zaunar da Sani a bakin gado ya yi tagumi yana magana shi kaɗai, "Wayyo ni Sani, yanzu ya zan yi da Umma?" Ko a ƙirƙiro masa aboki wanda ba shi da aikin komai a fim ɗin sai sauraro. Hanyar da ta fi ita ce a nemo wa tunanin wani abu da hannu zai taɓa. Ma'aikacin kamfani yana da katin shaida mai igiya.

```
EXT. GIDAN UMMA - TSAKAR GIDA - RANA

UMMA (55) tana tace koko. SANI (27) ya fito, riga a goge,
katin aiki rataye a wuya.

                    SANI
          Umma, na tafi. Kar na makara.

                    UMMA
          Allah ya tsare. Ga ƙosanka nan.

Ta miƙa masa ƙunshin leda ba ta ɗago kai ba.
```

Babu wanda ya faɗi wani abu mai nauyi. Yanzu sai mu bi shi mataki biyar kacal, zuwa inda idon uwa ba ya kaiwa. Wuri ya sauya, don haka sabon kan sin:

```
INT. GIDAN UMMA - ZAURE - RANA

Sani ya tsaya. Ya waiwaya. Ya cire katin, ya nannaɗe
igiyar, ya cusa a aljihu.

Ya kwance ledar. Ƙarƙashin ƙosan, naira dubu a ninke
cikin takarda.

Ya dubi ƙofar tsakar gida. Bai koma ba.
```

Cire katin ya gaya wa mai kallo cewa babu aikin kuma Sani ɓoyewa yake. Waiwayen da ya yi kafin ya cire shi ne tsoron. Kuɗin da ke cikin ƙosai ya faɗi cewa Umma ta sani, domin uwa ba ta saka wa mai albashi kuɗin mota a ɓoye. Rashin ɗago kanta a sin ɗin farko, wanda da farko ba a lura da shi ba, yanzu ya sami ma'ana. Zauren kansa ya yi aiki, tunda shi ne tsakanin gida da duniya. Kuma duka biyun ba su cika shafi ɗaya ba.

Ni a ganina marubucin Hausa ya fi kowa samun sauƙin wannan dabarar, domin kunya da kawaici sun riga sun koya mana magana ba da baki ba. Matar da ta ajiye wa miji abinci ba ta zauna ba, surukin da ya amsa gaisuwa da "lafiya" guda ɗaya, uwar da ba ta kiran sunan ɗan fari, mai kallo a Fagge ko Gwale ba ya buƙatar a yi masa fassara. Abin mamaki, sai mun zo rubutu mu sa uwa ta ce "Ɗana, na san halin da kake ciki, kuma zuciyata tana ƙuna," maganar da ba a yi a gidajenmu.

Akwai abu ɗaya da misalin bai iya nunawa ba: sati uku. In adadin yana da muhimmanci, sai a nuna takardar sallama mai kwanan wata a wani sin, ko mai shayi ya ce masa, "Malam Sani, bashin nan fa ya kai sati uku." In ba shi da muhimmanci, a bar shi ya tafi. Littafi yana rasa wasu abubuwa idan ya zama fim, kuma ba duka ne ake ceto ba.

Hanyar gwada rubutunka ita ce ka bi bayanin aiki layi-layi da biro, ka ja layi ƙarƙashin kalmomi irin su "ya tuna", "ta gane", "yana jin", "ya yanke shawara", "ba ta so". Kowacce ka tambayi kanka: in na ce wa jarumi ya yi wannan, me jikinsa zai yi? In amsar ita ce "zai ɓata fuska", ba ka gama aiki ba. Sai dai kada a wuce gona da iri. Kalma ɗaya mai nuna yanayi, kamar "a sanyaye" ko "cikin fushi", jarumi zai iya wasa da ita, ba laifi. Wanda ba ya ɗaukuwa shi ne tarihi da dalili, irin su "saboda abin da ya faru shekara goma da suka wuce".

Muryar mai ba da labari ma ba haramun ba ce, tana da alamarta. Ana sa V.O. a gefen suna idan murya ce da aka ɗora a kan hoto, kamar tunani ko karanta wasiƙa, ana sa O.S. idan mai maganar yana wurin amma kyamara ba ta nuna shi, kamar Umma ta ƙwala wa Sani kira daga tsakar gida yana zaure. V.O. tana aiki ne idan ta saɓa wa hoton ko ta ƙara masa abin da babu. A ce muna jin muryar Sani yana karanta saƙon da ya tura wa budurwarsa, "aiki ya yi mini yawa yau," alhali muna kallonsa zaune a ƙarƙashin gadar Ƙofar Nasarawa yana cin ƙosan nan. Idan kuwa muryar za ta ce "ina cikin damuwa" a kan hoton mutum mai tagumi, a goge ta, hoton ya riga ya faɗa.