Lissafin Bututu, Gwiwa da Ti Kafin a Ja Ruwa Cikin Gida

Tambaya: Na kafa tanki a bayan gida, ina so in ja ruwa zuwa kicin, banɗaki da famfon alwala. Bututu nawa zan saya?

Amsa: A fara da takarda da tef na awo, a zana hanyar da ruwan zai bi tun daga bakin tanki har zuwa famfo na ƙarshe, sannan a auna kowane sashe yadda zai kwanta a jikin bango, har da hawa da sauka. Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne auna nisan ƙasa kawai, su manta da mita huɗun da bututu zai sauko daga tanki da kuma mita biyun da zai hau zuwa shawa.

Mu ɗauki gida mai mafitar ruwa biyar: famfon kicin, shawa, tankin masai, wurin wanke hannu da famfon alwala. Tankin yana kan ƙarfe mai tsayin mita 4, kuma daga gindinsa zuwa bangon gida mita 9 ne, wato mita 13 ke nan na bututu mai inci ɗaya. Daga nan layin da zai bi jikin bango mai kwata uku na inci ne, tsawonsa mita 8, rassan da za su kai ga famfuna kuwa masu rabin inci ne, jimlarsu mita 10. Sai a ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da abin da ke shigewa cikin mahaɗa, lissafin ya koma mita 14.3 da 8.8 da 11. Idan bututun PPR ne, wato na robar da ake haɗawa da zafi, wanda galibi ake sayar da shi a tsawon mita 4, za a sayi sanda huɗu na inci ɗaya, uku na kwata uku, uku na rabin inci. Na PVC yakan fi haka tsawo, kusan mita 6, amma ina ba da shawarar a sa tef a kan sanda ɗaya a shago kafin a biya, domin ba kowane kamfani ne ke cika tsawon ba.

Tambaya: Ti da gwiwa fa, yaya ake ƙidaya su?

Amsa: Lissafin ti yana da sauƙi, domin kowane ti yana raba layi ɗaya ya zama biyu, saboda haka adadinsu shi ne yawan mafitar ruwa a cire ɗaya. Gidan da muka ɗauka yana buƙatar ti huɗu, mafita ta ƙarshe kuwa gwiwa ce za ta juya ruwan zuwa gare ta. Tunda layin kwata uku ne, rassan kuma rabin inci, ti mai rage girma ake nema, wanda ya fi a haɗa ti da ridusa dabam, saboda kowace mahaɗa wuri ne da yoyo zai iya farawa. Gwiwa kuma ana ƙidaya ta a duk inda bututu ya karya kwana a zanen, sannan kowane famfo yana son tasa gwiwar mai zare a ciki, inda za a ɗaura shi. A haɗa da soket na haɗa sanda da sanda, da bawul da yuniyon a ƙasan tanki, yadda za a iya tsayar da ruwa a kwance layin ranar gyara.

Tambaya: Filamba ya ce yawan gwiwa yana kashe ƙarfin ruwa. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ya faɗa, musamman a gidan da ruwansa daga tanki yake gangarowa ba tare da injin turawa ba. Ƙarfin irin wannan ruwa daga tsayi yake fitowa, kuma abin da ake dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin ruwan tanki da bakin mafita. Idan gindin tanki yana mita 4, kan shawa kuma yana mita 2, to lokacin da ruwa ya yi ƙasa a tanki tsayin mita 2 kacal ne ke tura shi. A lissafin masu aikin, gwiwa ɗaya tana tauye ruwa kamar bututu miƙaƙƙe mai tsawon faɗinsa sau talatin, wato kusan rabin mita a kan rabin inci, ruwan da ya juya ta reshen ti kuwa yana yin asarar ninkin haka. Gwiwa shida a kan layin shawa daidai suke da ƙarin mita uku na bututu.

Wannan ne dalilin da ya sa ba na yarda a ja gida gaba ɗaya da rabin inci don rage kuɗi. Alamar an yi hakan ita ce shawa ta koma ɗigo da zarar an buɗe famfon kicin. Idan kuwa mafita ɗaya ce tak ta raunana tun ranar farko alhali sauran suna zuba sosai, a binciki mahaɗan reshenta, domin PPR da aka bari ya daɗe a kan injin ɗumamawa yakan narke ya matse hanyar daga ciki. Bututu mai milimita 20, wato na rabin inci, daƙiƙa biyar suke isarsa a zafin digiri 260. A cika layin da ruwa, a bar shi ya kwana, a duba kowace mahaɗa da busasshen hannu kafin magini ya rufe ta da siminti.